Tsakanin "sabuwar motar" da "motar sabuwa ce" a Larabci

A ce an sa ɗalibin Islamiyya ya mayar da wannan jimla Larabci: "Sabuwar motar tana gaban gidan." Sai ya rubuta: as-sayyaratu jadidun amamal baiti. Kalmomin duk daidai suke, har ya tuna cewa a Larabci sifa bayan suna take zuwa. Amma jimlar tana da gyara biyu, kuma duka a kan kalma ɗaya suke.

Fara da neman sunan da ake sifantawa, wanda malaman nahawu ke kira man'uti. A nan shi ne as-sayyaratu. Yana ɗauke da alif da lam, wato ma'arifa ne, an san motar da ake nufi. Kada furucin "as" ya rikita ka, lam ɗin yana nan a rubuce, harafin sin ne ya haɗiye shi a baki. To, duk sunan da ya ɗauki alif da lam, dole sifarsa ta ɗauka, tanwininta kuma ya faɗi, don alif da lam ba sa zama da tanwini a kalma ɗaya.

Wannan ne gyaran da ya fi nauyi, domin ma'ana yake juyawa. In ka ce as-sayyaratu jadidatun, magana ta cika: "motar sabuwa ce", mubtada'i da habarinsa. In kuwa ka ce as-sayyaratul jadidatu, "sabuwar motar" kawai ka ce, mai sauraro yana jiran ƙarashe. Dabara mai sauƙi ita ce ka fassara da Hausa: idan "ne" ko "ce" ta shigo alhali sifa kake nufi, ka manta alif da lam.

Gyara na biyu jinsi ne. Sayyara ta ƙare da ta marbuɗa, mace ce, saboda haka jadid zai koma jadida. Bahaushe ba ya shan wahala a nan, tunda ya saba da sabo da sabuwa, sai dai kada ya ɗauko jinsin daga Hausa. Ƙofa mace ce a wurinmu, amma bab namiji ne, shi ya sa ake cewa al-babul kabiru. Jimlar ɗalibinmu ta zama: as-sayyaratul jadidatu amamal baiti.

Sauran wuraren dubawa su ne wasalin ƙarshe da adadi. Da za a ƙara "babba" a kan gidan, al-baitil kabiri za a ce, sifar ta bi kisirar sunan. Adadi kuwa yana da tarko: jam'in abin da ba shi da hankali sifar mace tilo yake ɗauka. Sababbin malamai al-mu'allimunal jududu ne, sababbin littattafai kuma al-kutubul jadidatu.