Idan sabis ya ɗauke a Bulumkutu, ta ina kuɗi zai bi?

'Yan uwa da ke Legas da Sabon Ibadan sun sha tambaya ta: idan an ce "babu sabis" a Bulumkutu, kuɗin da aka tura gida zai shiga? Amsata ita ce ɗaukewar sabis iri uku ce, kuma ɗaya kaɗai ke da magani nan take.

Na farko, data ce ta tsaya amma ana iya kira. Nan lambar USSD take aiki, domin ta hanyar kira take bi, ko da ƙaramar waya ce. Mai asusu a First Bank, misali, da ke son biyan mai shago naira 15,000, zai danna:

```
*894*15000*lambar asusu#
```

Sai ya zaɓi banki, ya duba sunan da ya fito, ya sa lambar sirri. Ana cajin naira 6.98 a kowane zama, ban da kuɗin tura wa wani banki. Ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2018 ta ce kada a wuce naira 100,000 a rana, kuma abin da ya haura 20,000 sai da ƙarin tabbaci bayan lambar sirri.

Na biyu, wayarka lafiya lau, amma na'urar banki ko ta NIBSS, mai haɗa bankuna, ita ce ta tsaya. Nan ne ake cire maka kuɗi bai isa ba. A ce ka tura wa mai POS a kasuwar Bulumkutu 15,000 don ya ba Hajiya, an cire, shi kuma bai gani ba. Kada ka sake turawa, don idan na farkon ya faɗa daga baya, 30,000 ka biya. Ka nemi lambar cinikin mai alƙaluma 30 a rasit ko wurin bankinka, da ita ake bin sawu.

Na uku, layin ne ya mutu gaba ɗaya, kamar yadda aka rufe layukan waya a Borno a watan Mayun 2013. A nan USSD da POS duk ba sa motsi, domin dole banki ya amsa kafin kuɗi ya tashi. Duk wanda ya ce ya biya a irin wannan hali, bashi ya ci.

Haɗarin ma a nan yake. Macuta kan nuna saƙon shigar kuɗi na bogi su ce sabis ne ya riƙe. Mai kaya ya duba ragowar kuɗin asusunsa da kansa kafin ya miƙa. Kuma tunda USSD a kan layi take, idan waya ta ɓace, a rufe asusu da layin a ranar, kar a bari sai gobe.