Ruɗewar ciwo ko taɓin hankali? Abubuwan da ƙaramin likita ke dubawa a bakin gado

A ɗakin da ake kwantar da masu ciwon suga, hawan jini, ciwon ƙoda da zazzaɓi, ba abin mamaki ba ne cikin dare wani marar lafiya ya tashi ya fizge robar ƙarin ruwa, ya kama sambatu, yana cewa ga macizai a kan bango. Masu jinya sukan ce ya haukace, wasu su ce iska ce ta buge shi. Wanda ake tasowa a irin wannan lokaci ƙaramin likita ne, wanda bai daɗe da gama makaranta ba, kuma dole cikin 'yan mintuna ya tantance ɗayan biyu: shin ciwon jiki ne ya ruɗa ƙwaƙwalwa, abin da likitoci ke kira diliriyam, ko kuwa taɓin hankali ne, wato saikosis?

A ido suna kama da juna, amma makomarsu ba ɗaya ba ce. Ruɗewar ciwo alama ce cewa wani abu a jiki ya lalace: suga ya faɗi, iskar oksijin ta yi ƙasa, ƙwayar cuta ta shiga jini, ko ƙoda ta gaza. Idan aka ɗauke ta a matsayin hauka, aka danna wa mutum allurar barci aka tafi, ciwon da ke ƙarƙashi zai ci gaba da cin sa, kuma yana iya kashe shi kafin gari ya waye. Shi ya sa ƙa'idar da ake koya wa sababbin likitoci take cewa duk wanda hankalinsa ya sauya farat ɗaya a gadon asibiti, a ɗauka ciwon jiki ne har sai bincike ya nuna akasin haka.

Yaushe abin ya fara?

Tambayar farko ba marar lafiya ake yi wa ba, mai jinya ake yi wa, da nas ɗin da ta yini a ɗakin. Yaya yake jiya? Yaya yake kafin a kawo shi? Ruɗewar ciwo tana zuwa cikin awanni ko kwana ɗaya zuwa biyu, kuma ba ta tsayawa wuri guda. Kamar wutar lantarki take, ta kawo ta ɗauke: da hantsi mutum yana hira lafiya ƙalau, bayan magariba ya kasa gane ɗansa. Taɓin hankali kuwa yawanci a hankali yake shigowa, cikin makonni ko watanni, mutum ya fara janye jiki daga mutane, ya daina wanka, ya fara zargin 'yan gida.

Shekaru ma suna ba da haske. Taɓin hankali irin na sikizofireniya ya fi fara bayyana daga ƙarshen ƙuruciya zuwa wajen shekara 30. Dattijon da ya haura 60 bai taɓa samun matsalar ƙwaƙwalwa ba, sai a kwana na uku da kwanciya ya birkice, da wuya a ce yau ne taɓin hankali ya same shi.

Yana iya tattara hankalinsa?

Wannan shi ne ginshiƙin gwajin. A 1990 wata likitar tsofaffi a Amurka, Sharon Inouye, da abokan aikinta suka fitar da ma'aunin da ake kira CAM. Sharuɗɗansa huɗu ne: sauyi na farat ɗaya mai zuwa da komawa, kasa tattara hankali, tunani a warwatse, da sauyin farkawa, wato yawan gyangyaɗi ko firgita fiye da ƙima. Idan na ɗaya da na biyu suka haɗu, sannan aka samu na uku ko na huɗu, to ruɗewar ciwo ce. Daga baya likitoci a Edinbura ta ƙasar Sikotilan suka tsara wani gajeren ma'auni, 4AT, wanda ake gamawa cikin kamar minti biyu. A cikinsa ana tambayar mutum shekarunsa, ranar haihuwarsa, inda yake da shekarar da ake ciki, sannan a ce ya jero watannin shekara daga Disamba ya yo baya. Maki 4 ko fiye na nuna akwai yiwuwar ruɗewa.

A nan sai likita ya yi amfani da basira. Tsoho daga ƙauye yana iya rashin sanin ranar haihuwarsa alhali hankalinsa garau, kuma watannin Bature ba su ne lissafinsa ba. Sai a ce ya jero kwanakin mako daga Juma'a ya koma baya, ko ya ƙirga daga ashirin zuwa ɗaya, a tambaye shi wace salla aka yi ta ƙarshe, kuma a yi masa magana da yaren da yake ji. Mai ruɗewar ciwo yakan ce Juma'a, Alhamis, sai ya tsaya, idonsa ya tafi wani wuri, ya manta abin da aka tambaye shi. Mai taɓin hankali, in ya yarda ya amsa, yakan jero su daidai, ya san asibitin da yake, ya san ranar, duk da ya haƙiƙance cewa an haɗa baki za a kashe shi.

Me yake gani, me yake ji?

Mai ruɗewar ciwo ya fi ganin abubuwa: ƙwari a kan zane, mutane a bakin taga, igiyar ƙarin ruwa ta koma maciji. Zarginsa ba shi da tsari, abin da ya faɗa yanzu ba shi zai faɗa bayan awa ɗaya ba. Mai taɓin hankali ya fi jin muryoyi suna zaginsa ko suna ba shi umarni, kuma labarinsa ɗaya ne, yau da gobe ba ya canzawa. Wannan alama tana taimakawa amma ba ta yanke hukunci ita kaɗai, don haka ake ajiye ta a bayan biyun farko.

Jiki da katin magani

Daga nan sai hannu ya yi aiki. Suga ake fara aunawa, domin digon jini ɗaya daga yatsa ya isa, kuma idan ya gaza milimol 4 a lita, kimanin miligiram 70 ke nan a ɗaya ma'aunin, ana gyara shi nan take. Sai zafin jiki, bugun zuciya, hawan jini, numfashi da oksijin. A lanƙwasa wuya a ji ko ya sandare, saboda sanƙarau. A duba ido ko ya yi rawaya, alamar hanta. A duba ko wani ɓarin jiki ya saki. A taɓa mara, domin fitsarin da ya taru ya ƙi fita yana ruɗa tsofaffi ƙwarai, haka ma bayan gida da ya daɗe bai fita ba. A ƙasarmu ba a tsallake gwajin maleriya, kuma taifot ma an san ta da sa sambatu.

Sai a buɗe katin magani a ga me aka fara bayarwa kwanan nan da me aka daina. Tiramol, magungunan barci da magungunan sitiroyid duk suna iya ruɗa mutum. Akwai kuma tambayar da ake jin nauyinta amma dole a yi ta a keɓe: yana shan giya ko ƙwaya? Wanda ya saba shan giya kullum, kwanciya asibiti ta raba shi da ita, yakan birkice bayan kwana 2 zuwa 3, da rawar jiki da gumi da ganin abubuwa.

Misali a kan gado

A ɗauka an kwantar da dattijo ɗan shekara 68 mai ciwon suga saboda gyambo a ƙafa. Da ƙarfe biyun dare na uku ya tashi yana ture nas, yana cewa a buɗe masa ƙofa zai tafi gona. Likita ya tambayi ɗansa, ɗan ya ce, "Likita, wallahi da la'asar lafiya lau muka yi hira da Baba, bai dai ci abincin dare ba." Likita ya matsa kusa ya ce, "Baba, sannu. Ina muke yanzu?" Dattijo ya ce kasuwa. Aka ce ya jero kwanaki, ya faɗi biyu ya ɓace. Ga sauyi na farat ɗaya, ga kasa tattara hankali, ga tunani a warwatse: sharuɗɗan sun cika.

Aka auna suga, ya nuna 2.4. Katin magani ya nuna ana ba shi gilibenkilamaid, kuma gwajin ranar da aka kwantar da shi ya nuna ƙodarsa ba ta aiki sosai, abin da ke sa maganin ya daɗe a jiki. Aka ba shi ruwan suga ta jijiya, cikin minti goma sha biyar ya gane ɗansa. Likita mai lura ba ya tsayawa nan. Sugan irin wannan mutum yana iya sake faɗuwa, don haka za a dakatar da maganin, a ci gaba da aunawa akai-akai har tsawon kwana guda ko fiye. Zafin jikinsa kuma 38.7, ƙafar ta ƙara kumbura, ma'ana ƙwayar cuta ma tana da hannu. Sau da yawa dalilin ruɗewa ya wuce ɗaya. Da allurar dayazifam aka yi masa tun farko, da ya yi shiru, kowa ya koma barci, sugan kuma ya ci gaba da faɗuwa ba wanda ya sani.

Inda ake yin kuskure

Kuskure mafi yawa shi ne mantawa da mai shiru. Akwai ruɗewar da ba ta hayaniya: mutum ya kwanta lamo, ba ya cin abinci, yana amsa magana da ƙyar. Ana ce masa mai haƙuri ko mai gajiya, alhali shi ne aka fi rasa ganewa, kuma hatsarinsa bai gaza na mai ihu ba. Kuskure na biyu shi ne ganin tarihin taɓin hankali a fayil a rufe bincike. Mai taɓin hankali shi ma yana kamuwa da maleriya, sugansa ma yana faɗuwa. In ya daina gane inda yake ko ya fara gyangyaɗi, a bi da shi duk matakan nan.

Maganin ruɗewar ciwo shi ne maganin abin da ya jawo ta. Bayan wannan a bar fitila kaɗan da dare, a bar ɗan'uwan da ya sani kusa da shi, a ba shi tabaransa, a riƙa tuna masa inda yake, a guji ɗaure shi da gado. Maganin kwantar da hankali irin haloferidol sai in zai cutar da kansa ko wani, kuma kaɗan ake ba tsoho, ba a ba mai cutar Fakinsin. Dayazifam da danginsa suna ƙara ruɗewa, sai dai ga wanda rashin giya ya birkita, a nan su ne maganin. Idan kuwa mutum yana farke garau, ya san wuri da lokaci, jiki da gwaje-gwaje ba su nuna komai ba, kuma 'yan'uwa sun ce watanni ke nan yana jin muryoyi, to lokaci ya yi da za a kira likitan ƙwaƙwalwa.

Mai jinya, kai ne ka san yadda mutuminka yake kafin ciwo. In ka ga ya sauya, ko da shiru ya yi yawa, kada ka jira zagayen safe. Je ka faɗa wa nas ko likita lokacin da abin ya fara, abin da ya ci, da duk maganin da yake sha, har da na gargajiya.