Gyaran Takardun Neman Tallafin Karatu: Faɗi Abin da Ka Yi

An rene mu da cewa yabon kai jahilci ne, kuma maganar gaskiya ce. Sai dai yawancin wasiƙun neman tallafin karatu cike suke da yabon kan da bai da shaida: "Ni mai ƙwazo ce, mai haƙuri, mai kishin al'ummata." Aikin da mutum ya yi da hannunsa kuwa, kunya ta sa ya ɓoye shi. A ganina a nan masu cancanta da yawa suke faɗuwa, kuma abin yana da ciwo.

Mu ɗauki tallafin hukumar DAAD ta Jamus, wanda ake kira EPOS, na masu neman digiri na biyu daga ƙasashe masu tasowa. Ana so mai nema ya yi aƙalla shekara 2 yana aiki bayan digirinsa na farko, kuma a ƙa'ida kada digirin ya wuce shekara 6 da samu. Cikin takardun da za a tura akwai ta tarihin karatu da aiki bisa tsarin Europass, da wasiƙar bayyana dalilin neman kwas ɗin.

A ce, a misali, wata ma'aikaciyar jinya ce a wani asibitin karkara take neman kwas ɗin lafiyar ƙasa da ƙasa a Jami'ar Heidelberg. A takardar tarihin aikinta ta rubuta: "Ina kula da harkokin rigakafi da wayar da kan mata." Wannan bayanin muƙami ne kawai; duk wadda ta taɓa zama a kujerar za ta iya sa hannu a kansa. Mai gyara zai zaunar da ita ya yi tambaya: Da kika zo, me kika tarar? Me kika sauya? Me ya biyo baya?

Sai ta tuna cewa iyaye mata suna kawo jarirai allurar farko, amma ba sa dawowa ta uku. Ita ce ta buɗe rajistar waɗanda suka tsallake, ta raba sunayen ga ungozomomi 6 su bi gida-gida. Layin da aka gyara sai ya zama: "Na buɗe rajistar bin sawun yaran da suka tsallake rigakafi, na horar da ungozomomi 6; cikin wata 10 masu kammala allura ta uku suka tashi daga 40 zuwa 65 cikin kowane 100." Ba ta ce tana da ƙwazo ba, amma mai karatu ya gani da kansa.

Alƙaluman nan fa dole su fito daga littafin asibiti, don ana iya tambayarta a ganawa, kuma wasiƙar shugabanta na wurin aiki za ta je hannun kwamiti ɗaya. Idan babu adadin da za ta iya karewa, ta faɗi abin da ke ƙirguwa: ƙauyuka nawa, wata nawa. Idan aikin na haɗin gwiwa ne, ta ware nata kason. "Mun yi" ba ya nuna wa kwamiti ko ita ta ja ragama ko tana cikin ɗakin ne kawai.

Sauran gyaran takardar mai sauƙi ne. A fara da aikin yanzu a koma baya, kowanne da watansa da shekararsa, domin da su ake lissafa shekara biyun nan. Kada a bar giɓi ba bayani. A cire makarantar firamare da jerin tarurrukan da aka halarta kawai.

Wasiƙar kuma aikinta daban, kada ta maimaita takardar farko. Tata ta soma da shafi guda na labarin yarinta da kirarin ƙasar Jamus. An share wannan, aka buɗe da matsalar allura ta uku kai tsaye, sannan ta faɗi inda iliminta ya tsaya: ta iya gyara asibiti ɗaya, amma ba ta iya tsara bincike ko kasafin kuɗin da zai kai dabarar ga ƙaramar hukuma gaba ɗaya ba. Daga nan ta ambaci darussan kwas ɗin da za su cike wannan gurbi, da sunayensu kamar yadda suke a shafin jami'ar, ta rufe da aikin da za ta koma yi a gida, tunda manufar tallafin ke nan.

Kafin turawa, ta ba wani wanda ba ma'aikacin lafiya ba ya karanta sau ɗaya, ya faɗa mata da baki me ta yi, me take nema. Duk inda ya yi inda-inda, wannan sakin layin za ta sake rubutawa. Sannan ta sa kwanan wata da hannu a takardun biyu, domin shirin yana neman su da sa hannu.