Me ya sa riba ke ƙaruwa, kuɗi na ƙarewa a hannun manyan 'yan kasuwa?

A kasuwannin Wurno da Rabah da Goronyo da ke gabashin jihar Sakkwato, ba abin mamaki ba ne a ga babban ɗan kasuwa mai sayar da kaya a sari, sitonsa cike da buhunan sukari da fulawa, littafinsa kuma na nuna riba, amma ya kasa biyan kuɗin mota guda ta sabbin kaya.

Masana harkar kuɗi na cewa sau da yawa matsalar ba ta rashin ciniki ba ce. Tana tattare ne da yawan kwanakin da kuɗi ke yi a waje, tun daga ranar da suka bar hannun ɗan kasuwa har zuwa ranar da suka dawo masa.

Wannan tsawon lokaci shi ake kira zagayen kuɗin kasuwanci. Wasu malaman jami'a biyu a Amurka, Verlyn Richards da Eugene Laughlin, su ne suka yaɗa wannan hanya ta lissafi a shekarar 1980, ko da yake 'yan kasuwar ƙasar Hausa sun daɗe da sanin cewa jarin da ba ya juyawa ba ya ciyar da mai shi.

Kwanaki iri uku

Lissafin ya ginu ne a kan tambayoyi uku. Kwana nawa kaya ke yi a sito kafin a sayar da su? Kwana nawa masu shaguna ke ɗauka kafin su biya kayan da suka karɓa bashi? Sannan kwana nawa shi ɗan kasuwar ke samu kafin ya biya wanda ya ba shi kayan?

Ana haɗa amsa ta farko da ta biyu, sannan a cire ta uku. Abin da ya rage shi ne adadin kwanakin da ɗan kasuwa ke ɗauke da nauyin kasuwancin da kuɗin aljihunsa.

Domin fahimtar yadda abin yake, a ɗauki misalin wani dila a garin Goronyo wanda ke saro sukari da fulawa da taliya daga birnin Sakkwato, yana raba wa masu shaguna da masu tireda a ƙauyukan da ke kewaye. Alƙaluman misali ne kawai, an zaɓe su domin sauƙin lissafi.

A cikin kwanaki 90, ya sayar da kayan da ya saro a kan naira miliyan 90, ya yi cinikin naira miliyan 94 da rabi. Ma'ana a kowace rana kayan naira miliyan ɗaya ke fita daga sitonsa, ana sayensu a kan naira miliyan ɗaya da dubu 50. Ribarsa ta kullum, kafin a cire kuɗin mota da na 'yan dako da haya, naira dubu 50 ce.

Kaya a sito

Idan aka ƙirga kayan da ke sitonsa a farkon wannan lokaci da kuma ƙarshensa, aka ga matsakaicinsu ya kai na naira miliyan 25, sai a raba wannan adadi da miliyan ɗayan da ke fita kullum. Amsar ita ce kwana 25, wato tsawon zaman da buhu ke yi kafin ya sami mai saye.

Ana ƙiyasta kayan ne da farashin da aka saro su, ba da farashin sayarwa ba, domin abin da ake son sani shi ne yawan uwar kuɗin da ke kwance.

Sai dai wannan adadi kan ɓoye wani abu. Sukari na iya ƙarewa cikin mako guda, yayin da wasu katan-katan suka yi kwantai na wata uku a ƙuryar sito. Shi ya sa ake son a yi lissafin kowane nau'in kaya daban, musamman irin su fulawa da ba sa jure doguwar ajiya.

Bashin da yake bi

Mataki na biyu shi ne duba littafin bashi. A ce masu shaguna na riƙe da naira miliyan 21 na dilan. Idan aka raba da cinikin kullum na miliyan ɗaya da dubu 50, za a sami kwana 20.

A yankin da harkar saye da sayarwa ta dogara ga kasuwannin mako, irin su ta Goronyo da ke ci ranar Lahadi, yawanci a ranar kasuwa ake biyan bashi. Kwana 20 na nufin kusan kasuwa uku ke wucewa kafin kuɗin kaya su dawo, kuma duk wanda ya saɓa alkawari sau ɗaya ya ƙara mako guda cur.

A nan ma akwai abin lura. Idan rabin cinikin dilan na kuɗi hannu ne, to masu karɓar bashi ba kwana 20 suke yi ba, kwana 40 suke yi. Hanyar gano gaskiya ita ce rarraba basussukan bisa tsufansu: na ƙasa da mako biyu, na wata guda, da waɗanda suka haura wata biyu. Idan rukuni na ƙarshe yana ƙara girma, to akwai kuɗin da ake ƙirgawa a littafi waɗanda da wuya su dawo.

Bashin da ake bin sa

Mataki na uku shi ne wanda ke sauƙaƙa wa ɗan kasuwa nauyi. Idan babban dilan da ke Sakkwato yana bin sa naira miliyan 14, kuma yana sayen kayan miliyan ɗaya a kowace rana, to yana samun sararin kwana 14 ke nan kafin ya biya.

Yanzu lissafi ya kammala: kwana 25 a sito, a haɗa da kwana 20 a hannun masu shaguna, a cire kwana 14 na sararin biya. Zagayen kuɗinsa kwana 31 ne.

Tun da kowace rana na cin naira miliyan ɗaya, dilan na buƙatar jarin kansa na naira miliyan 31 kafin kasuwancin ya ci gaba da tafiya a yadda yake. Duk kwana ɗaya da aka rage a zagayen na sakar masa miliyan ɗaya, duk kwana ɗaya da ya ƙaru kuma na ɗaure miliyan ɗaya.

Idan damina ta yi nisa

Tattalin arzikin waɗannan ƙananan hukumomi uku ya dogara ne ga noma. Baya ga gero da dawa na damina, ana noman rani na shinkafa da albasa da tafarnuwa a fadamun kogin Rima, da taimakon ruwan madatsar Goronyo. Kuɗi kan wadata a hannun jama'a ne bayan girbi.

A tsakiyar damina kuwa, manomi ya zuba abin da yake da shi a taki da ƙwadago, sai ya koma karɓar kayan masarufi bashi a wurin mai shago. Mai shago ya jinkirta biyan dila, shi ma dila ya fara jinkirta biyan na Sakkwato.

A ce bashin masu shaguna ya kai kwana 40, kaya na yin kwana 30 a sito saboda lalacewar hanyoyin ƙauyuka, shi kuma babban dilan Sakkwato, ganin an fara saɓa masa, ya rage wa'adi zuwa kwana 7. Zagayen ya tashi daga kwana 31 zuwa 63.

Idan har yana son ya riƙe cinikinsa yadda yake, sai ya nemo ƙarin naira miliyan 32. Da ribar dubu 50 a rana, zai ɗauki kwana 640 kafin ya tara wannan kuɗi, ko da bai taɓa ko kwabo ba. Ta haka ne kasuwanci mai riba ke tsayawa cik.

Irin wannan tarko ne ke kama wanda cinikinsa ya bunƙasa da sauri. Idan ciniki ya ninka, jarin da zagayen ke buƙata shi ma ninkawa yake yi, kuma tun kafin ribar ta shigo.

Tsaro da tsadar kaya

Rashin tsaro ya ƙara tsawaita waɗannan kwanaki a gabashin Sakkwato. A watan Satumban 2021 an katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar, abin da ya hana tura kuɗi ta waya har ma da kiran wanda ake bi bashi. A ranar 17 ga watan Oktoban shekarar, 'yan bindiga sun kai hari kasuwar Goronyo, inda gwamnatin jihar ta ce an kashe mutane 43.

Duk ranar da kasuwa ba ta ci ba, kaya ba su fita ba, bashi bai shigo ba, amma wa'adin biyan dilan birni bai daina ƙaratowa ba. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 shi ma ya jefa 'yan kasuwar karkara cikin irin wannan hali.

Hauhawar farashi kuma na cin bashi a ɓoye. A watan Disambar 2024 alƙaluman hukuma sun nuna ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a shekara, wato kimanin kashi biyu da rabi a wata. A irin wannan yanayi, kuɗin da suka yi kwana 40 a waje sun rasa fiye da kashi uku cikin ɗari na darajarsu, alhali ribar dilan kashi biyar ce.

Ɗan kasuwa Musulmi ba zai ƙara wa wanda ya makara kuɗi a kan bashinsa ba, domin hakan kuɗin ruwa ne. Abin da akasarin malamai suka halatta shi ne a tsayar da farashin bashi sama da na kuɗi hannu tun lokacin ƙulla ciniki, tare da ayyana ranar biya. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da a rubuta bashi da wa'adinsa.

Ba kowane dogon zagaye ne illa ba

Mai sayen albasa ya adana yana tsawaita zagayensa ne da gangan. Yakan biya manomi nan take a lokacin girbi, ya ajiye ta na watanni har farashi ya tashi. Ba shi da sararin biya ko na kwana ɗaya, kuma sai tashin farashin ya rufe asarar wadda ta ruɓe ko ta rage nauyi kafin ya ga riba.

Haka nan gajarta zagaye fiye da kima na da tasa illar. Wanda ya rage kaya sosai zai riƙa mayar da masu saye hannu wofi, wanda ya hana bashi baki ɗaya zai rasa masu shaguna, wanda kuma ya saba jinkirta biyan dilan birni zai rasa amanar da ake ba shi kaya a kanta.

Abin da masana ke ba da shawara shi ne ɗan kasuwa ya riƙa fitar da waɗannan alƙaluma uku a ƙarshen kowane wata, yana kwatanta su da na watan da ya gabata da kuma na irin wannan wata a bara. Idan kwanakin bashi na ƙaruwa alhali ciniki bai ƙaru ba, wannan ita ce alamar farko da ke nuna cewa jari ya fara maƙalewa a hannun mutane.