Gida, Sharafi, Wabali da Hubuɗi: Ma'aunin Ƙarfin Taurari a Wajen Masana Nujumu

A ƙarshen watan Yuli na shekarar 762, wato Hijira 145, Halifa Abu Ja'afar Mansur ya aza harsashin birnin Bagadaza a gaɓar kogin Dijla. Ranar da sa'ar ba haka kawai aka tsince su ba. Masana taurari na fadarsa ne suka zaɓa, a ƙarƙashin wani Bafarishe mai suna Naubahat, tare da Masha'allahu, Bayahuden Basra. Bayan kusan ƙarni biyu da rabi, Albiruni ya kwafo taswirar saman wannan sa'a a littafinsa Al'asarul Baƙiya, shi ya sa har yau ana iya duba abin da mutanen nan suka gani. Abu biyu ne ke fara ɗaukar ido a cikinta: Mushtari yana burujin Ƙausu, Rana tana burujin Asadu. Ga wanda ya san ƙa'idar fannin, kowannensu yana zaune a gidansa ke nan.

Masanan dā taurari bakwai masu tafiya suka sani: Rana, Wata, Uɗaridu, Zuhra wadda Hausawa ke kira Zara, Marihu, Mushtari da Zuhal. Hanyar da suke bi a sama an kasa ta burujai goma sha biyu, kowane digiri 30. A ganinsu kowane tauraro yana da halinsa, amma iya zartar da wannan hali ya dangana ga burujin da yake ciki. Sun kwatanta abin da mutum da masaukinsa. Akwai maigida a gidansa, wanda komai ke hannunsa. Akwai babban baƙo da aka shimfiɗa wa darduma aka yanka masa rago. Akwai wanda ya tsinci kansa nesa da gida a hannun waɗanda ba su san shi ba, sannan akwai wanda aka ƙasƙantar. Waɗannan huɗun su ne gida, sharafi, wabali da hubuɗi.

Rabon gidajen yana da tsari, kuma Baɗlimus na Iskandariya ya bayyana dalilinsa a ƙarni na biyu. An ba Wata burujin Saraɗanu, aka ba Rana Asadu, domin lokacin da Rana take waɗannan burujai ne yini ya fi tsawo, zafi ya fi ƙarfi a ƙasashen Bahar Rum. Sauran biyar ɗin aka jera su hagu da dama gwargwadon saurinsu, kowane da gida biyu. Uɗaridu, da ba ya nisa da Rana, ya samu maƙwabta: Jauza'u da Sumbula. Zuhra ta samu Sauru da Mizani, Marihu ya samu Hamal da Aƙrabu, Mushtari ya samu Hutu da Ƙausu. Zuhal, mafi nisa da jinkiri, wanda aka ɗauka mai sanyi ne, ya ƙare da Jadyu da Dalwu, burujan tsakiyar hunturu. Mai karatu a Kano ko Damagaram zai lura da wani abu nan take: Rana tana Asadu ne daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta, tsakiyar damina, lokacin da marka ke hana ta leƙowa. Zafin ƙasar Hausa a Maris da Afrilu yake. Dalilin Baɗlimus na yanayin ƙasarsa ne.

Wabali ba ya bukatar hadda. Burujin da ke daura da gidan tauraro, wato na bakwai daga gare shi, shi ne wabalinsa. Rana a Dalwu, Wata a Jadyu, Zuhal a Saraɗanu ko Asadu.

Sharafi ne ya fi ban mamaki, domin ya girmi bayanin da aka yi masa. Tun a allunan Babila ana samun wuraren da aka keɓe wa taurari waɗanda suka yi daidai da shi. Rana tana sharafi a Hamal, Wata a Sauru, Mushtari a Saraɗanu, Uɗaridu a Sumbula, Zuhal a Mizani, Marihu a Jadyu, Zuhra a Hutu. Littattafan Larabci har digiri suke faɗa: na 19 a Hamal ga Rana, na 3 a Sauru ga Wata. Hubuɗi shi ne burujin da ke daura da sharafi. Na Rana yana da sauƙin ganewa: idan ta shiga Hamal, wajen 21 ga Maris, yini yake fara rinjayar dare a arewacin duniya, idan ta shiga Mizani a Satumba kuwa dare ne yake karɓa. Inda Rana ta ɗaukaka nan Zuhal ya faɗi, inda ta faɗi nan ya ɗaukaka. Na sauran taurarin dalilan da Baɗlimus ya kawo ba su kai wannan gamsarwa ba, kuma alamu sun nuna gadon teburin ya yi, daga baya ya nema masa hujja.

Lamba ta shigo ne a hannun masanan daular Musulunci. Alƙabisi, wanda ya yi aiki a fadar Saifud Daula a Halab a ƙarni na goma, ya ba gida maki 5, sharafi maki 4, sannan ƙananan darajoji uku suka samu 3 da 2 da 1. Biyu daga ƙananan nan sun danganta da digirin da tauraro yake a cikin buruji, ɗayar kuma da ko dare ne ko rana. An fassara littafinsa zuwa Latin, Turai ta karanta shi ɗaruruwan shekaru. A teburin da Baturen Ingila Wiliyam Lili ya buga a 1647, akwai ɓangaren ragi ma: wabali a cire 5, hubuɗi a cire 4, tauraron da ba shi da ko ɗaya cikin darajojin biyar, wanda ake kira garibi, shi ma a cire masa 5. Uɗaridu ne ke nuna iyakar ma'aunin ta kowane gefe. Sumbula gidansa ce kuma sharafinsa, maki 9 ke nan kafin a ƙirga ƙananan. A Hutu kuwa wabali da hubuɗi suke haɗe masa, a cire 9.

A ɗora wannan ma'auni a kan taswirar Bagadaza, ko da yake lambobin sun zo bayan zamanin Naubahat. Mushtari, wanda suke kira babban sa'a, tauraron shari'a da wadata, yana Ƙausu: maki 5. Rana, alamar sarauta, tana Asadu: maki 5, da ƙarin 3 domin da rana aka aza harsashin, kuma ita ce mai burujan wuta da rana. Haɗuwar nan ba ta samuwa kullum. Mushtari yana ɗaukar kimanin shekara 12 kafin ya zagayo, shekara guda yake yi a Ƙausu, Rana kuma wata guda take yi a Asadu. Ke nan dama ce ta kusan wata ɗaya a shekara goma sha biyu.

Ba su tsaya nan ba. Sun jira sa'ar da burujin Ƙausu ke fitowa daga gabas, Mushtari na cikinsa. Wannan mataki yana nuna abin da sabon shiga ya fi yawan ruɗewa a kai. Daraja ta asali tana faɗin matsayin tauraro a buruji ne kawai. Ko yana wurin da zai iya aiki, wannan wani lissafi ne daban: shin yana fitowa, ko yana tsakiyar sama, ko ya ɓuya, yana tafiya gaba ko yana ja da baya, hasken Rana ya cinye shi ko yana nesa da ita. Mushtari yini guda cur yana da makinsa 5, amma kimanin sa'a biyu kacal yake a mafitar gabas.

Sauran taswirar ba ta kai haka kyau ba, kuma a nan ne darasin ya fi yawa. Marihu, tauraron yaƙi, yana Jauza'u, ba gida ba sharafi, kuma daura da Mushtari, a ɓangaren da ake karantawa na abokan gaba. Zuhal kuwa, a lissafin da Albiruni ya kawo, yana ƙarshen Hamal, hubuɗinsa. Babu yadda za a yi da shi, domin shekara biyu da rabi yake yi a buruji guda, kuma kafin ya isa Mizani sai an jira wajen shekara goma sha biyu. Wani zai ce ai gara haka, tunda Marihu da Zuhal su ne taurarin nahisa, raunin su alheri ne. Yawancin malaman fannin akasin haka suka tafi. A wajensu Zuhal a gidansa ko sharafinsa yana ba da haƙuri da gini mai ɗorewa, amma a hubuɗi ɓarnarsa ta fi yawa. Maki mai yawa ba ya mai da tauraro na alheri, iko kawai yake nunawa, da yadda zai riƙe halinsa.

Akwai kuma matsalar lissafin kansa. Idan aka sake auna wannan rana da hanyoyin zamani, ana kafa farkon Hamal a daidaituwar dare da yini ta Maris, Zuhal yana faɗowa a farkon Sauru. Bambancin 'yan digiri ne, amma ya isa ya fitar da shi daga hubuɗi gaba ɗaya. Duk tauraron da ke bakin iyakar buruji haka yake, hukuncinsa yana rataye da teburin da aka yi aiki da shi. A yau tazarar da ke tsakanin lissafin masanan Indiya da na Turai ta kai kimanin digiri 24, har tauraro ɗaya a sa'a ɗaya yana iya zama a sharafi a wajen wannan, garibi a wajen wancan.

Ilimin nan ba baƙo ba ne ga malaman ƙasar Hausa. Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta Addurrul Manzum a kan ɗalasimai da nujumu. Amma malaman shari'a sun daɗe da raba abu biyu: lissafin tafiyar taurari don sanin alƙibla, lokutan salla da shigowar damina, wanda halal ne, da kuma da'awar cewa taurari suna juya al'amuran mutane ko suna bayyana gaibu, wadda suka haramta. Ibn Haldun ya keɓe fasali guda a Muƙaddima yana rushe ta. Kimiyyar zamani ma ba ta samu shaidar cewa Mushtari a Ƙausu yana yin wani abin da ba ya yi a Jauza'u ba. Abin da teburin ke koyarwa tabbas shi ne yadda mutanen Babila, Iskandariya da Bagadaza suka yi tunani, da yadda za a fahimci littattafan da suka bari.

Masu tarihi sun ruwaito cewa an yi wa Mansur albishir cewa babu halifan da zai mutu a cikin birnin. Na wani lokaci maganar ta yi kamar ta tabbata: shi kansa ya rasu kusa da Makka a 775, jikansa Harunar Rashid ya rasu a Ɗus a 809. A 813 sojojin Ma'amun suka ci Bagadaza, aka kashe ɗan'uwansa Halifa Amin a cikinta.