Gero ko Goro? Yadda Ake Nuna Shakka a Fassarar Rubutun da Ya Dusashe

A gundumomin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji na jihar Maraɗi, wasiƙar ciniki ko takardar bashi kan iso hannun mai fassara a matsayin hoton waya, wani lokaci ruwa ko maiƙo ya riga ya taɓa tawadar. Idan ya cike gurbi da hasashe bai nuna ba, mai karanta fassarar zai ɗauki zato a matsayin tabbas, har a biya kuɗi ko a yanke hukunci a kansa.

Matakin farko shi ne gane inda aibin yake. Idan dusashewar ta game dukkan layukan, laifin hoto ne, maganinsa kuwa a nemi a sake ɗauka a wuri mai haske. Idan tabon ya tsaya wuri ɗaya, haruffan gefensa kuma suna nan raɗau, takardar ce ta lalace, sabon hoto ba zai dawo da abin da ya goge ba. A nan ake buƙatar alama.

Masu nazarin tsofaffin rubuce-rubuce sun amince da wani tsari a birnin Leiden a 1931: baka-biyu mai kusurwa ga haruffan da suka ɓace, ɗigo kuma a ƙarƙashin harafin da ake gani amma ba a tabbatar ba. Alama ta farko ta dace da Hausa, ta biyun kuwa tana da haɗari. Wasu tsofaffin littattafan Hausa sun yi amfani da ɗigon ƙasa wajen nuna ɓ, ɗ da ƙ, a ajami kuma ɗigon ƙasa wasalin "e" yake nunawa. Saboda haka alamar tambaya a cikin baka-biyu ta fi aminci.

Ga misali, a ce wani ɗan kasuwa da ya yi makarantar Faransanci ya rubuta wa abokin cinikinsa, aka kwafe rubutun yadda yake:

"An kai bouhou biyou na g[e?]ro Gazaoua, saoura jika [..]?a."

Ba a sa wa "bouhou" da "saoura" alama ba, domin rubuta "ou" a madadin "u" ko "w" al'adar marubucin ce, kuma buhu da saura a fili suke. Wasalin kalma ta shida kuwa ya cike da tawada, ana iya karanta shi "e" ko "o". Sai a kwatanta shi da sauran haruffan wannan hannu, a ga ko marubucin yana rufe "o" ɗinsa daga sama. Kasancewar yankin ƙasar noman gero ce, goro kuwa daga kudu ake kawo shi, yana rinjayar da zato zuwa gero. Amma rinjaye bai kai tabbas ba, tunda ana cinikin goro a kasuwannin yankin. Don haka ake rubuta zaɓin da ya fi ƙarfi, a bar masa alamar tambaya.

Kalmar ƙarshe ta fi nauyi. Haruffa biyu sun goge, kowane ɗigo yana wakiltar ɗaya, na uku ya bar ɓurɓushi, sai "a" a ƙarshe. Cikin lambobi daga ɗaya zuwa goma, uku da biyu da huɗu da sauran waɗanda ba su ƙare da "a" ba sun fita, shida ta yi tsawo, ɗaya kuma ba ta shiga idan ɓurɓushin bai da jela irin ta "y". Saura tara da goma. A Nijar jika ɗaya sefa 1,000 ce, wato bambancin tsakanin 9,000 da 10,000 ne. Ma'anar jimla ba ta fifita ko ɗaya, saboda haka ba a zaɓa: ana kawo su duka biyu.

Dole alamar ta bi kalmar zuwa cikin fassarar, kowane harshe ne. Abin da mai karatu zai gani ya zama daidai da "buhu biyu na [gero?]" da "saura jika [tara ko goma]", tare da bayanin layi ɗaya a ƙasa mai faɗin abin da ido ya gani da dalilin zaɓin.

Akwai shakka ta daban da ba ta shafi tabo ba. Marubuci na iya barin ƙugiya, ya rubuta "kasa" a fili, alhali yana nufin ƙasa. Wannan ba ta baka-biyu ba ce. A fassara yadda jimla ta nuna, a yi bayani a ƙasa idan ma'ana biyu za su iya tsayawa.

Yawan alama ma aibi ne, domin idan kowace kalma ta ɗauki alamar tambaya, wadda ke da haɗari za ta ɓace a cikinsu. Ma'aunin shi ne a tambayi kai ko ɗaya karatun zai sauya suna, wuri, rana, adadi, irin kaya ko korewa. Idan "ba" ta ƙarshen jimla ta dusashe, tana iya mayar da "ba a biya ba" ta yi kama da wata magana daban, don haka ko ɓurɓushinta aka gani sai a nuna.