Kafin a tsallaka Kongolam: shirin lafiyar matafiyi lissafin kwanaki ne

Daga Daura zuwa Kongolam, a ƙaramar hukumar Mai'aduwa, tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Da an wuce shingen jami'an kan iyaka an shiga Ɗan Barto a Jamhuriyar Nijar, daga nan hanya ta miƙa zuwa Matamaye da Damagaram. Harshe ɗaya ne a ɓangarorin biyu, akwai auratayya, kasuwanni kuma a haɗe suke, shi ya sa mafi yawan masu bin wannan hanya ba sa ɗaukar ta a matsayin tafiya ƙasar waje. Mutum zai tanadi kuɗin mota, ya canja naira zuwa sefa, ya sayi tsaraba, amma maganar allura da magani sai ya bari sai daren tashi, in ma ya tuna. A nan kuskuren yake, domin kusan duk abin da ke kare matafiyi daga cuta yana bukatar kwanaki kafin ya fara aiki a jiki. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a sha'anin rigakafi ana iya lissafa kwanakin da ake bukata ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da allurar zazzaɓin shawara, wadda katinta mai ruwan ɗorawa ake tambaya a kan iyaka. Nijar na neman wannan shaida daga duk mai shiga ƙasar da ya kai wata 9 da haihuwa. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, saboda kimanin lokacin da jiki ke ɗauka ke nan kafin ya haɗa garkuwa. Tun daga watan Yuli na 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, ba sai an maimaita duk shekara 10 kamar da ba. Wanda aka yi wa tun yana jariri, ko a lokacin gangamin rigakafi, ya adana takardarsa ya nuna wa jami'an lafiya masu ba da katin. Wanda kuwa ya biya kuɗi aka rubuta masa kati ba tare da allura ta taɓa jikinsa ba, zai iya wuce shinge, amma sauron da ke yaɗa cutar, wanda ya fi cizo da rana, ba ya duba takarda. Cutar ta sake ɓulla a Nijeriya a jihar Kwara a 2017, ta kai Bauchi da Katsina a 2019, kuma har yau ba ta da maganin da ke kashe ƙwayarta. Sai dai ba kowa ake yi wa allurar kai tsaye ba. Ba a yi wa jaririn da bai kai wata 6 ba, ko wanda cin ƙwai ke tayar masa da mummunan borin jini, ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni sosai. Mai juna biyu da wanda ya haura shekara 60 kuma sai likita ya auna amfani da haɗari tukuna.

Wani zai ce ai iska ɗaya muke shaƙa da mutanen Matamaye, abin da ke can yana nan, to me tafiya ta ƙara? Gaskiya ne cututtukan iri ɗaya ne, amma tafiya tana ƙara cuɗanya. Sanƙarau na yaɗuwa ta numfashi da yawu, kuma yana samun yadda yake so a mota mai cunkoso, da ɗakin kwanan baƙi a gidan biki, da rumfar kasuwa, musamman daga Disamba zuwa Yuni lokacin da hunturu da ƙura ke busar da hanci da maƙogwaro. Daga Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023 an samu mutum 559 da cutar ta kama a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma gundumomin Dungas da Magarya da Matamaye na cikin waɗanda abin ya shafa. A daidai wannan kakar Jigawa, wadda ke iyaka da yankin, ita ce ta fi kowace jiha a Nijeriya yawan masu cutar. Haka mashaƙo ya addabi Kano da Katsina a 2023, a shekarar kuma aka same shi a Matamaye. Matafiyi na iya kai cuta, yana iya dawowa da ita gidansa, don haka kusancin nan dalili ne na ƙara kula.

Akwai kuma masu cewa an riga an yi musu allurar sanƙarau tun tuni. Tambayar ita ce wace iri. Allurar da aka fara yi a Nijar a 2010, kuma a arewacin Nijeriya daga 2011, nau'in A kaɗai take karewa. Ta yi nasarar kusan kawar da shi, amma annobar 2017 da ta kashe fiye da mutum 1,000, akasari a Zamfara da Sakkwato da Katsina, nau'in C ne, haka ma ta Damagaram. Sai a 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar, wato A, C, W, Y da X. Saboda wannan bambanci ne Saudiyya ba ta karɓar kowace allura daga maniyyata sai mai kare nau'i huɗu aƙalla, A, C, W da Y, wadda aka yi kwana 10 ko fiye kafin isowa.

Zazzaɓin cizon sauro shi ne inda aka fi yin gardama, kuma masu gardamar suna da rabin gaskiya. Baligin da ya tashi a Daura ko Zango ko Sandamu, sauro na cizonsa kowace damina, yana da ɗan juriya, don haka ba a ɗora shi kan ƙwayar rigakafi don zai kwana uku a Damagaram. Abin da yake bukata shi ne gidan sauro mai magani a cikin kayansa, da gwajin jini da zarar jiki ya yi zafi. Amma wannan juriya tana raguwa idan mutum ya daɗe a inda ba sauron, kuma yaran da aka haifa a Jidda ko Landan ba su da ita ko kaɗan. Idan irin waɗannan za su zo ganin gida a watan Agusta, likita zai zaɓa musu ƙwaya gwargwadon shekaru da lafiyarsu, kuma kowace da lissafinta. Mefulokwin ana fara ta mako biyu zuwa uku kafin tafiya, sau ɗaya a mako, a ci gaba har mako huɗu bayan dawowa, kuma ba a ba mai farfaɗiya ko mai tarihin taɓin hankali. Dokisisaikilin ana fara ta kwana ɗaya ko biyu kafin tashi, kullum, har mako huɗu bayan dawowa, amma ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai shekara 8 ba. Kulorokwin da iyayenmu suka sani ba ta cikin lissafi, Nijeriya ta daina dogaro da ita tun 2005 saboda ƙwayar cutar ta daina jin ta.

A ɗauki misalin magidanci mai hawan jini da zai kai iyalinsa biki Damagaram ranar 20 ga Agusta, da matarsa mai cikin wata biyar da ɗansu mai shekara biyu. Ranar da ta fi dacewa su je asibiti ita ce tsakanin 9 da 23 ga Yuli, wato mako shida zuwa huɗu kafin tashi. A ranar za a auna jininsa, kuma idan aka canja masa magani akwai lokacin da za a ga ko ya karɓe shi. Za a duba katin yaron a ga ko an yi masa allurar wata 9, ta ƙyanda da ta shawara, a cike abin da aka tsallake. Idan uban bai taɓa yin allurar shawara ba, ranar ƙarshe da za ta yi masa amfani a kan iyaka ita ce 10 ga Agusta. Matar za ta je awo ta karɓi fansida, wadda ake ba masu ciki wata-wata bayan wata uku na farko, likita kuma ya yanke hukunci kan allurarta. Yaron yana cikin 'yan wata 3 zuwa 59 da ake bi gida-gida ana ba su maganin rigakafin zazzaɓi sau ɗaya a wata a lokacin damina. Maganin na kwana uku ne a jere, don haka idan zagayen ya faɗo dab da tafiya, uwa ta tafi da ragowar kwana biyun ta ba shi a can.

Maganin da za a ɗauka shi ma lissafi ne. Mai hawan jini ko ciwon suga ko asma ya ɗauki na kwanakin tafiya, ya ƙara na mako guda saboda mota na lalacewa, iyaka ma akan rufe ta ba zato. A bar kowane magani a cikin kwalinsa tare da takardar likita, domin jami'an kwastan da na yaƙi da miyagun ƙwayoyi ba su da hanyar gane ƙwayoyin da aka zuba tsirara a leda, kuma mai ɗauke da irin su taramol ba takarda zai iya kwana a hannu. Allurar insulin ba ta jure zafin bayan mota ko rana kai tsaye. A haɗa da farasitamol da ƙunshin gishiri da sukari na gudawa, a karanta adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, a dama da ruwa mai tsabta.

Ɗan kasuwar da ke tsallakawa duk mako zai ce shi ba ya sanin ranar tafiyarsa mako shida kafin ta zo. Nasa ma ya fi sauƙi, domin allurar shawara sau ɗaya ce, ta sanƙarau kuma tana ɗaukar shekaru. Ya ware rana ɗaya kafin hunturu ya gama da su. Wanda tafiyar gaggawa ta kama, kamar ta gaisuwar mutuwa, shi ma ya leƙa asibiti ko da saura kwana ɗaya, ya dai san cewa allurar ba ta fara kare shi ba tukuna.

Shirin bai ƙare da dawowa gida ba. Zazzaɓin cizon sauro ba ya bayyana sai bayan aƙalla kwana 7 da cizon, sanƙarau kuma tsakanin kwana 2 zuwa 10. Duk zazzaɓin da ya zo a hanya ko bayan an dawo, a yi gwajin jini a ranar, wanda bai wuce minti 20 ba, kuma idan an ba da magani a shanye shi har kwana ukun. Idan kuwa aka ga sanƙarewar wuya, ko jijjiga, ko ruɗewa, ko idanu sun yi ɗorawa, ko maɗigar jariri ta kumbura, ko maƙogwaro ya kumbura har numfashi na wuya, kada a tsaya kemis, kada a jira gari ya waye. A nufi asibiti mafi kusa, ko a wane ɓangaren iyaka yake, a kuma gaya wa likita inda aka je da ranar da aka dawo.